Intigiral da filin da ke ƙarƙashin layi: a fara da jarkar mai ruwa

Tambaya: Malam, ina shirin shiga jami'a, kuma ban taɓa karanta kalkulas ba. An ce mini intigiral shi ne girman filin da ke ƙarƙashin lanƙwasasshen layi, amma na kasa gane wane fili ake nufi, da kuma yadda ake auna wurin da gefensa ba a miƙe yake ba. Daga wani ɗalibi a Agege, Legas.

Amsa: Ƙanena, ka ajiye littafin dokoki tukuna, ka ɗauko takardar giraf mai gida-gida, mu je bakin famfon da masu ruwa suke cika jarkokinsu a unguwarku. A layin kwance za ka rubuta lokaci da mintoci, a layin tsaye kuwa ƙarfin zubar ruwa, wato lita nawa famfon yake bayarwa a minti ɗaya. Idan famfon yana ba da lita 5 a kowane minti har tsawon minti 4, zanenka zai fito miƙaƙƙen layi a kwance, abin da ke ƙarƙashinsa kuma fili ne mai kusurwa huɗu, tsayinsa 5, faɗinsa 4. Girmansa 20 ne, kuma lita 20 ɗin da ta shiga jarka ke nan. Filin da ake nufi shi ne jimillar abin da ya taru, shi ya sa ake faɗin amsarsa da lita, ko da yake a takarda aka zana shi.

Yanzu a ce ana buɗe famfon a hankali, ƙarfinsa yana bin ninkin lokaci da kansa: sifili a farko, lita 1 a minti bayan minti ɗaya, 4 bayan minti biyu, 9 bayan uku, 16 bayan huɗu. Layin ya lanƙwashe sama. Shin jarka mai cin lita 25 za ta cika a cikin waɗannan minti huɗu?

Tunda ba mu iya auna lanƙwasa kai tsaye ba, sai mu yanka filin zuwa dogayen yankuna huɗu masu faɗin minti ɗaya, mu ɗauka cewa ƙarfin ruwan bai canza ba a cikin kowane yanki. Idan muka yi amfani da ƙarfin farkon kowane minti, za mu tara 0 da 1 da 4 da 9, mu sami lita 14, wanda ya gaza gaskiya domin ruwan ƙaruwa yake yi. Idan muka ɗauki na ƙarshen minti, 1 da 4 da 9 da 16 za su ba mu 30, wanda ya zarce. Amsa tana tsakanin 14 da 30, kuma 25 ma tana tsakani, saboda haka ba mu san komai game da jarkar ba tukuna.

Sai a ƙara yanka. Da yankuna takwas masu faɗin rabin minti, inda ake ninka kowane tsayi da rabi, lissafin ƙasa, wato mai gazawa, ya zama 17.5, na sama mai zarcewa ya zama 25.5, har yanzu da sauran shakka kaɗan. Da yankuna goma sha shida kuwa, ƙasa 19.375 ce, sama 23.375, a nan magana ta ƙare: jarkar ba za ta cika ba. Ka lura da tazarar da ke tsakanin lissafin biyu, daga 16 ta koma 8, sannan 4, kullum rabi take raguwa. Lambar nan guda ɗaya da lissafin biyu suke matsewa a kanta, wato 21 da sulusi, ita ce intigiral. Sulusin babban fili mai kusurwa huɗu, mai faɗi 4 da tsayi 16, ce daidai, kuma Archimedes ya gano girman fili mai irin wannan lanƙwasa fiye da shekara dubu biyu da suka wuce, ba tare da dokokin da kake tsoro ba.

A littafi za ka ga an rubuta ∫ f(t) dt. Alamar farko harafin S ne da Leibniz ya ja tsawonsa a 1675 domin nuna tarawa, f(t) tsayin yanki ne, dt kuma siririn faɗinsa.

Kuskuren da na fi gani wajen ɗalibai shi ne tara tsayi kawai a manta da faɗi, wanda ba ya bayyana idan faɗin 1 ne, amma da yankuna takwas zai ba ka 35 maimakon 17.5. Alamarsa ita ce amsa tana ninkuwa duk lokacin da ka ƙara yanka, alhali kamata ya yi ta natsu wuri ɗaya. Haka kuma, kalmar fili tana da iyaka: idan layin ya sauka ƙasa da layin kwance, kamar a ce ana tsiyaye ruwa daga jarkar, wannan ɓangaren ragewa ake yi daga jimilla, domin intigiral yana lissafa abin da ya shiga ne bayan an cire abin da ya fita.