Kafin alƙalami da takardar ƙarshe: kada ka nemi kuɗi sau biyu

Tambaya: "Ina ƙera ƙofofi. Na karɓi aikin 500,000, na rubuta takardar neman biyan kafin alƙalami ta 200,000, aka biya. Daga baya aka ƙara aikin 60,000. Da na gama, na aika takardar 560,000, amma akawun kamfanin ya ƙi biya. Shin so suke su cinye mini haƙƙi?"

Malam, babu wanda ke shirin cinye maka haƙƙi, kuma da ni ne akawun nan, ni ma da ban biya ba. A gabansa akwai takardu biyu masu ɗauke da sa hannunka, waɗanda idan aka haɗa su sun kama 760,000 a kan aikin da bai wuce 560,000 ba. Kai ka san cewa ta farkon tana cikin ta biyun, amma a zuciyarka ka bar wannan bayani, alhali akawu da abin da ke rubuce kaɗai yake aiki.

Takardar ƙarshe ita ce ke ba da labarin cinikin gaba ɗaya. Ka fara da ainihin aikin, 500,000, sannan ƙarin 60,000 a layinsa daban, jimla 560,000. A ƙarƙashin jimlar ka cire 200,000, ka ambaci lambar takardar kafin alƙalamin da ranar da kuɗin suka shigo, domin wannan layi ne ke ɗaure takardun biyu. Cikon da za ka nema shi ne 360,000. Idan kana karɓar haraji kuma ka riga ka ɗora shi a kan kafin alƙalami, to a kan cikon kawai za ka ɗora yanzu.

Kada ka yaga takardar 560,000 da ka aika, kada kuma ka gyara ta da biro. Ka rubuta takardar sokewa mai ambaton lambarta da adadinta, sannan ka fitar da sabuwa da sabuwar lamba, don jerin lambobinka ya kasance babu giɓi.

Abin da ya fi damuna ma shi ne littafinka. Na taɓa duba lissafin wani mai sana'a wanda ya shekara yana shigar da takardun biyu a matsayin ciniki, yana ta murnar kasuwa ta buɗe har yana shirin ƙara shago, ashe wani ɓangare na cinikin a takarda kawai yake, ga kuma bashin da yake bin mutanen da tuni suka biya. Kafin alƙalami amana ce a hannunka har ranar da ka miƙa aiki, kuma sai a ranar take komawa ciniki. Ka ɗauko littafin shekarar nan, ka bi duk aikin da ka karɓi wani abu a kansa tun farko, ka haɗa takardunsa ka gani ko jimlarsu ta zarce farashin da kuka yi.