Oga, ina naira miliyan ɗaya da dubu 308 ta shiga?

Oga barka da yamma, aikin sitandad kostin da ka ba ni na gidan burodi, na gwada kuɗin da aka kashe da wanda aka tsayar tun farko, shi ne ya tsaya min. Bajet ya ce burodi 10,000 a wata, buhun fulawa ɗaya burodi 100, buhu ₦60,000, fulawa gaba ɗaya ₦6,000,000. Amma sun gasa 12,000 sun ci buhu 126 a kan ₦58,000, kuɗin ya kama ₦7,308,000. Na cire na samu ₦1,308,000 adbas, wato an kashe fiye da bajet, sai ka ja min jan biro. Ina na kauce? Kuma a bariyans na farashi da na amfani kullum ina rikicewa da wanda zan ninka da wanne.

Yauwa ƙanena, lissafinka na cirewa daidai ne, abubuwan da ka cire ne ba sa'annin juna ba. Ka ɗauko kuɗin fulawar burodi 12,000 ka gwada shi da kuɗin fulawar burodi 10,000, to ai dole ka ga gibi, mutumin da ya ciyar da baƙi goma sha biyu ba za ka tuhume shi da cefanen mutum goma ba. Da ka kai wa mai gidan burodin wannan lambar da ya kira shugaban masu kwaɓi ya wanke shi tas alhali yawancin kuɗin nan burodi ya zama, an sayar, kuɗi ya shigo.

Shi ya sa kafin ka taɓa kowane bariyans, wato bambancin abin da ya kamata a kashe da abin da aka kashe, sai ka fara gyara bajet ɗin ya dawo daidai da abin da aka yi da gaske, shi ne fileksibul bajet da kake ji. Tambayar da za ka yi wa kanka guda ɗaya ce: da tun farkon wata mun san burodi 12,000 za a gasa, fulawa nawa za mu ware? Buhu ɗaya burodi 100, kenan buhu 120. Buhu 120 a farashin sitandad na ₦60,000 ya kama ₦7,200,000. Wannan ita ce lambar da za ka ajiye kusa da ₦7,308,000 ɗin da aka kashe, kuma bambancin ₦108,000 ne kacal, adbas. Ragowar ₦1,200,000 da ta tayar maka da hankali kuɗin buhu 20 ne na ƙarin burodi 2,000, ba ɓarna ba ce ba kuma tsada ba ce, aiki ne ya ƙaru. Ka lura kuma, abin da ke tafiya da yawan aiki kaɗai ake gyarawa, fulawa, suga, yis, leda. Kuɗin hayar gidan ko burodi 5,000 aka gasa ko 12,000 yana nan yadda yake, kar ka je ka ninka shi ma, yara da yawa sun zubar da maki a nan.

To yanzu ₦108,000 a kan miliyan bakwai, wani zai ce ai ba komai a wuce wajen. Ni kuwa a nan nake so ka zauna, don ƙaramar lambar nan manyan lambobi biyu ne suka haɗu suka rufe wa juna asiri, kuma aikinka shi ne ka raba su.

Ga yadda za ka gan su a takardar jarabawa, ko ta ƙungiyoyin akantoci ICAN da ANAN ko ta makaranta:

```
Price variance = (SP − AP) × AQ
Usage variance = (SQ − AQ) × SP
```

SP farashin da aka tsayar, AP farashin da aka biya, AQ yawan da aka ci da gaske, SQ kuma yawan da ya kamata a ci. Wannan SQ ɗin shi ne ramin da kowa ke faɗawa, ba buhu 100 na tsohon bajet ba ne, buhu 120 ne na burodin da aka gasa. Duk ranar da ka sa 100 a wurin nan ka koma kuskurenka na farko ta ƙofar baya.

Mu fara da farashi. An ce buhu ₦60,000, mai sayayya ya samo a ₦58,000, ragin ₦2,000 a kowane buhu. A buhu nawa ya samu ragin? A duk buhu 126 ɗin da aka biya kuɗinsu, dila bai tambaye shi nawa ya kamata ku ci ba, abin da aka loda a mota shi aka yi wa ragi. 126 sau 2,000 ya ba ka ₦252,000, kuma tunda ƙasa da sitandad aka biya sai ka sa F a gefe, wato ya yi wa riba daɗi.

Sai amfani. Ya kamata a ci 120 an ci 126, buhu 6 sun wuce. Da wane farashi za ka auna su? Da ₦60,000 na sitandad. Dalili kuwa mai kwaɓi da mai tanda ba su je kasuwa ba, ba su san nawa aka sayo ba, idan ka auna ɓarnarsu da farashin kasuwa to watan da fulawa ta yi tsada laifinsu zai kumbura, watan da ta yi araha ya ragu, alhali buhu shidan dai su ne. Ana riƙe farashin a waje ɗaya ne don lambar ta nuna aikin hannunsu kaɗai. 6 sau 60,000 ya ba ka ₦360,000, ka sa A, wato adbas.

Yanzu haɗa su, ₦360,000 A ka cire ₦252,000 F, saura ₦108,000 A, daidai da abin da fileksibul bajet ya ba mu. Kullum ka yi wannan gwajin kafin ka miƙa takarda, in bai haɗu ba akwai inda ka sa lambar da ba ita ba. In kana so ka ƙara tabbatarwa raba ₦7,308,000 gida 12,000, za ka ga kowane burodi ya ci fulawar ₦609 maimakon ₦600, naira tara sau 12,000 ga ₦108,000 ɗinka nan ta sake fitowa. Batun F da A kuma kar ka dogara da alamar ragi ko tarawa da kalkuleta ta nuna maka, wasu littattafan suna juya tsarin su fara da AP, sai alamar ta juye. Ka tambayi kanka kawai, an kashe fiye da yadda ya kamata ko ƙasa? Fiye A, ƙasa F, shi kenan.

Abin da ya fi damuna ka gane shi ne abin da lambobin nan biyu suke faɗa in ka ajiye su gefe da gefe. A takarda mai sayayya gwarzo ne ya ceto dubu 252, masu kwaɓi kuma sun zubar da dubu 360. Amma sau da yawa labarin ɗaya ne. Na taɓa riƙe littafin wani gidan burodi shekarun baya, wata uku a jere ina ganin irin wannan, farashi F amfani A, maigidan har ya fara zargin yaran dare suna fitar da fulawa ta baya. Sai na je da kaina da asuba na tsaya bakin injin kwaɓi. Mai kwaɓin ya buɗe buhu ya damƙo fulawar ya matse a tafin hannunsa ya buɗe min, ta dunƙule ta ƙi wargajewa, ta sha danshi a sito kafin a sayo ta, ga gudaji sai an tankaɗe an zubar. Ƙullun ba ya ɗaukar ruwa yadda suka saba kuma ba ya tashi sosai, sai suna ƙara nauyin kowane curi a sikeli don burodin ya cika gwangwani kar kwastoma ya ce an rage. Ba wanda ya saci komai, arahar da aka samo ce ake biya a bakin tanda, araha ba ta ado dama. A lissafinka ma haka abin zai iya zama, buhu da ya kamata ya ba da burodi 100 yanzu kusan 95 yake bayarwa, raba 12,000 gida 126 ka gani. An samu ragin kashi uku da ɗan wani abu cikin ɗari a farashi, an yi asarar kashi biyar cikin ɗari a yawa, cinikin bai biya ba.

Ba ina cewa kullum fulawar ce ba. Zai iya zama sikeli ya lalace, ko sabon yaro ne a tanda yana ƙona tire, ko wuta ta ɗauke ƙullu ya wuce lokacinsa ya yi tsami aka zubar, ko kuma satar ce da gaske. Bariyans ɗin ba zai faɗa maka wanne ba ne, iyakarsa ya nuna maka ƙofar da za ka ƙwanƙwasa. In tambaya ta ce ka yi sharhi to ka kawo wannan alaƙar ta fulawa mai araha da yawan ɓarna a matsayin abin da za a bincika, kar ka yanke hukunci kai tsaye a kan sashe ɗaya.

Saura tarko guda da na san za ka haɗu da shi kwanan nan. A aikin da na ba ka abin da aka sayo shi aka cinye, 126 da 126. Wata tambayar za ta ce an sayo buhu 140 an yi amfani da 126, saura 14 a sito. In kamfanin yana ajiye kayan sito a farashin sitandad, to bariyans na farashi a kan abin da aka sayo ake yin sa, tun ranar da kaya suka shigo, 140 sau 2,000 wato ₦280,000 F. Na amfani kuma yana nan a kan 126, ₦360,000 A bai motsa ba. A nan in ka haɗa su ba za su ba ka ₦108,000 ba, za ka ga ₦80,000, kar ka firgita ka fara goge aiki, bambancin ₦28,000 ɗin ragin da aka samu ne a kan buhu 14 da ke jingine a sito ba a buɗe su ba tukuna. Saboda haka da ka ga tambaya, ja layi ƙarƙashin kalmar saye da kalmar amfani ka ga ko lamba ɗaya ce ko biyu.

Ka sake yin aikin daga farko a sabuwar takarda, layi uku nake son gani a sama kafin komai: tsohon bajet, gyararren bajet, da abin da aka kashe. In ka gama sai ka canja farashin da aka biya ya koma ₦63,000, buhun da aka ci kuma 118, burodi dai 12,000, ka fitar min da duka biyun da F ko A ɗinsu ka gwada ko sun haɗu, ka kawo min gobe bayan azahar in duba.