Kwana 30 na gwaji ya yi yawa?

"Ina sayar wa 'yan kasuwar Alaba manhajar lissafin kaya, gwaji kyauta kwana 30, amma masu biya kaɗan ne. In rage?"

Malam, kada ka rage tukuna. Fara duba ranar da kowane mai gwaji ya yi aikin farko na gaske, wato ya shigar da kayansa ya fitar da rasit. A ce mutum 200 suka shiga, 16 suka biya, kashi 8 cikin ɗari ke nan. Idan 14 daga cikin 16 ɗin sun fitar da rasit a makon farko, sauran kwanakin ba su ƙara maka komai ba, mantuwa kawai suke jawowa. Kwana 14 ya isa.

Amma fa idan amfanin manhajar sai an rufe lissafin wata yake bayyana, ragewa cutar kanka ce, domin mutum zai tafi bai gani ba.

Ka raba sababbin shiga gida biyu a lokaci guda, 'yan kwana 14 da 'yan kwana 30. Kada ka kwatanta sai wa'adin 'yan 30 ya cika, kuma ka jira biya na biyu, don wanda aka gaggauta yakan biya sau ɗaya ya gudu.