Tambayoyinku: Leda Biyu Duhu, Leda Uku Haske

Tambaya: Malam, na sayi tabarau a kasuwa, idan na sa shi na karkatar da kaina sai sikirin ɗin laftof ɗina ya yi baƙi ƙirin. Ya lalace ne? (Direba daga Katsina)

Amsa: Lafiyarsa ƙalau. Sikirin na LCD yana da ledar folaraiza a fuskarsa, wato leda mai barin hasken da ke kaɗawa a kan layi ɗaya kawai ya wuce, tabaraunka ma yana da ita, idan suka gitta wa juna haske ba ya wucewa. Miƙe wuyanka. Ka kuma gode wa Allah, mai tabarau bai cuce ka ba, na gaske ya ba ka.

Tambaya: Na ɓare folaraiza uku daga matattun sikirin a shagon maigidana. Na haɗa biyu ina juya ɗaya har suka yi duhu. Da na cusa ta uku a tsakani, sai haske ya dawo! Abokaina sun ce siddabaru nake yi. (Mai koyon gyaran waya, Kano)

Amsa: Kai da abokanka kun ɗauki folaraiza kamar rariya, wadda in an ƙara wata sai tsaki ya ragu. Wannan fahimtar ta ishe ni, har a bakin waɗanda suka yi digiri nake jin ta. Ledar tana rage haske, gaskiya ne, amma abin da ya tsallake ta yana fitowa ne yana kaɗawa a kan layinta ita, ya manta yadda ya shigo.

Bari mu sa lamba. A ce ƙarfin hasken fitila 800 ne. Hasken fitila yana kaɗawa ta kowace fuska, don haka ledar farko tana cinye rabi, duk yadda ka juya ta. Saura 400. Ta biyu kuwa tana bin ƙa'idar da Bafaranshen nan Étienne-Louis Malus ya fitar a 1809:

```
I = I₀ cos²θ
```

I₀ shi ne hasken da ya iso leda ta biyu, I shi ne wanda ya tsallake ta, θ kuma ita ce kusurwar da ke tsakanin layukan ledojin biyu. Idan suna daidai, 400 ɗin duka ya wuce. A digiri 30 za ka sami 300, a 45 ka sami 200, a 60 ka sami 100, a 90 babu komai. Lura da yadda raguwar take: da farko kana juyawa kamar ba abin da ke faruwa, a tsakiya ta zube da sauri, kusa da 90 ta sake lafawa.

To, ga ta ukun. Biyu na waje suna gitte a 90, ka sa ta tsakiya a 45. Haske 400 ya iso ta, tazararsu 45, ya koma 200, kuma yanzu a layinta yake kaɗawa. Leda ta ƙarshe ba ruwanta da ta farko, wanda ya ƙwanƙwasa mata ƙofa kawai take gani, shi kuma tazararsa da ita 45 ce. Rabi ya sake wucewa, 100 ke nan, kashi ɗaya cikin takwas na hasken fitilar. Ba a ƙirƙiri haske ba, an dai raba doguwar kwana gida biyu ne.

Juya ta tsakiyar zuwa 30 ka gani: 400 ya zama 300, amma saura digiri 60 kafin ta ƙarshe, sai ta bar kwata, 75. Shi ya sa 45 ta fi ko'ina haske, kuma a zagaye ɗaya cikakke za ka ga duhu sau huɗu. Ga abin da za ka rufe bakin abokanka da shi: zare ta ukun ka ɗora ta a gaba ko a baya. Duhu zai dawo, domin gittattun biyu sun koma maƙwabta.

Sikirin ɗin da kake ɓarewa kullum ma haka yake aiki, ledoji biyu ne da ruwan kiristal a tsakani yana murɗa haske.

Kada ka sa ran lambobin nan cif-cif. Ledar gaske ba ta kai rabi, ga ragowar gam da zanen yatsa. Ni da na fara gwadawa, da salatif na liƙe su a taga, sai na ga launuka ja da kore maimakon baƙi, domin salatif ɗin kansa yana taɓa hasken. In ka ga haka, cire shi, ko ka kifa ledar ta ɗaya fuskar. Kuma ka zana da'ira a kwali, ka rubuta digirori, ka riƙa rubuta abin da ka auna a littafi. Ido maƙaryaci ne wajen awon haske.

Tambaya: Ina ɗaukar bidiyon gwajin da waya, amma hasken ba ya raguwa sai dab da ƙarshe. (Malamar kimiyya, Maraɗi)

Amsa: Malama, kyamarar ce ke yi miki shisshigi, tana ƙara haske da kanta duk lokacin da ta ga duhu. Shiga saitin Pro na kyamarar, ki tsayar da ISO da saurin ɗauka da hannu, sannan ki sake.