Ka canza IP amma tsohon sit ke fitowa, ga inda aikin ya tsaya

Maigida barka da aiki. Shekaranjiya na kwashe sit ɗin kiliyan ɗinmu na Tawa zuwa sabon ebarjama, wato kamfanin da ke aje sit a mashinsa, na shiga panel ɗinsu na sa sabuwar IP, amma har yau tsohon sit ke buɗewa. An ce mini in jira awa 48, sun cika. Kuma gaskiya domen da nemsaba da IP duk sun cakuɗe mini a kai, wane ne wane?

Yawwa ƙanena, barka kadai. Bar jira hakanan, ko wata guda ka yi kana jira babu abin da zai motsa, don na duba da safe kafin in fito Yamai kuma na ga inda matsalar take, amma ba zan gyara maka ba, kai za ka gyara da hannunka in ka gama karanta wanga.

Fara da IP tunda ita ce mai sauƙi. Lamba ce ta mashin ɗin da sit yake zaune a ciki, gida huɗu da ɗigo tsakaninsu, kowane gida daga 0 zuwa 255, kamar 203.0.113.25. Akwai sabon salo mai tsawo da haruffa a ciki, IPv6, wannan mu aje shi wata rana. Abin da nake so ka riƙe shi ne rezo bai san suna ba sam, lamba kaɗai yake bi. Domen kuwa suna ne da kiliyan yake haya shekara shekara wajen mai rajista, ba saye ba ne na har abada, in bai biya ba ya faɗi. Kuma sunan shi kaɗai ba ya ɗauke da komi, babu hoto babu rubutu babu lamba a jikinsa. Abu guda mai rajista yake rubutawa a gaban sunan, shi ne wace nemsaba za a tambaya game da shi. Ita nemsaba mashin ce da aikinta amsa tambaya, a ce mata mi ce lambar suna kaza ta ce ga ta. To ka ga abu uku ne, kuma sau da yawa kamfani uku daban ke riƙe da su, ko da yake wani lokaci kamfani guda ne ya haɗa duka shi ya sa yara ke ɗauka abu guda ne.

Yanzu bi sawun nabigatar. Zan sa example.com madadin domen ɗin kiliyan, lambobin ma na misali ne, kai ka san na gaskiyar. Ka rubuta sunan cikin Chrome ka danna, abu na farko sai ya duba ko ya taɓa tambaya ɗazu yana da amsar a aje, sannan ordinatar ita ma ta duba nata ajiyar. In babu sai a miƙa tambayar ga rizolba, wadda galibi ta kamfanin da ya ba ka konegisiyon ce, sai fa in ka sa 8.8.8.8 ta Google ko 1.1.1.1 ta Cloudflare da kanka. Rizolba kamar yaron da ka aika Babbar Kasuwa ne ya nemo maka wani ɗan kasuwa da suna kaɗai, na bakin ƙofa bai san mutumin ba amma ya san layin masu irin kayansa, na bakin layin ya san wanda za a tambaya, shi wannan na ukun ne zai ce shago lamba kaza. Haka take yi, tana karanta sunan daga dama zuwa hagu. Ta fara da sabobin tushe, waɗanda sunayensu 13 ne daga a.root-servers.net har m.root-servers.net, ko da yake mashinan da ke bayansu sun haura dubu warwatse a duniya. Tushe ya ce ban san example.com ba amma ga masu riƙe da .com, wato sabobin Verisign. Da sunan namu na Nijar ne mai ƙarewa da .ne da wajen masu riƙe da .ne zai tura ta. Sabobin .com su ma ba su san IP ba, abin da mai rajista ya rubuta musu kaɗai suka sani, sai su ce tafi wajen nemsaba kaza. Nan ne kaɗai ake samun lambar, cikin layin da ake kira A. Rizolba ta kawo wa nabigatar, sai a lokacin nabigatar ya buga wa mashin ɗin ya ce ba ni sit. Duk wanga yawo yawanci bai kai daƙiƙa guda ba, kuma tsarin, wanda ake kira DNS, tun 1983 Paul Mockapetris ya tsara shi, har yau a kansa muke cin abinci.

To ga abin da ya same ka. Buɗe taminal ka buga wannan:

```
dig example.com NS +short
```

In Windows ne gabanka babu dig, `nslookup -type=NS example.com` zai yi. Amsar da ta fito mini irin wagga ce:

```
ns1.tsohon.example.
ns2.tsohon.example.
```

Ka gani? Duniya har yanzu nemsabar tsohon kamfani take tambaya. Kai kuma ka je panel ɗin sabon kamfani ka rubuta IP mai kyau a cikin nemsabarsu, wadda babu wanda aka tura wajenta. Panel ɗin ba zai hana ka ba, zai ma nuna maka kore ya ce an aje, don kowace nemsaba tana iya riƙe bayanin kowane suna, ko ni yau ina iya rubuta google.com cikin tawa, amma wa zai zo ya tambaye ni? Ka tabbatar da idonka, tambayi kowace kai tsaye da alamar @:

```
dig @ns1.tsohon.example example.com A +short
198.51.100.7
dig @ns1.sabon.example example.com A +short
203.0.113.25
```

Amsa biyu daban, kuma ta farkon ce mai aiki tunda ita .com ke nunawa. In kana son ganin yawon duka daga tushe har ƙasa ba tare da ajiyar kowa ta ruɗe ka ba sai `dig +trace example.com`, ka karanta shi sannu sannu daga sama, sau guda ka fahimce shi ka huta.

Maganar awa 48 da aka faɗa maka tana da asali amma mutane sun maida ta bargon rufe kasala. Kowace amsa tana zuwa da wata lamba, TTL, daƙiƙoƙin da aka yarda rizolba ta aje amsar kafin ta sake tambaya. Ba wai canjin yana tafiya ƙasa ƙasa ne kamar yadda ake cewa ba, a'a, ajiyar kowace rizolba ce ke ƙarewa a nata lokaci. Sabobin .com suna ba da layin NS, mai nuna nemsaba, da TTL 172800, ka raba da 3600 ka ga awa 48 ɗin nan. Shi ya sa in an yi canji daidai za ka ga salularka da forfe ta buɗe sabon sit amma wifi na buro yana ba da tsoho, rizolba biyu ne kowace da agogonta. Wannan shi ne alamar jira zai yi magani. Amma in ko'ina tsoho ne, salula da buro da 8.8.8.8 duk bakinsu ɗaya bayan kwana biyu, to ba ajiya ba ce, wurin da bai dace ba aka taɓa.

Hanyar gyara biyu ce. Ta farko ka shiga panel ɗin tsohon kamfani, inda nemsaba mai aiki take, ka canza layin A daga 198.51.100.7 zuwa 203.0.113.25. TTL ɗinsa da na gani 14400 ne, awa 4 ke nan, kafin la'asar kowa ya koma sabo. Ta biyu ka shiga asusun mai rajista ka canza nemsabobin su koma na sabon kamfani. Ni ra'ayina ka yi ta farko yau don kiliyan ya daina kiranmu, amma ta biyun dole ce tunda ƙarshen wata za mu bar tsohon kamfanin, kuma ranar da suka rufe asusun suna iya share bayanin sunan daga nemsabarsu, sai komi ya mutu gaba ɗaya alhali sit yana nan lafiya lau a sabon wuri.

Amma kar ka kuskura ka taɓa nemsaba kafin ka kwafe duk layukan da ke tsohuwar zuwa sabuwar, nan ne ake cin kasuwar masu gaggawa. Ba A kaɗai ke ciki ba. Akwai na www, wanda layi ne mai zaman kansa, ka manta shi sai example.com ya buɗe www.example.com ya ƙi. Akwai MX da ke nuna inda imel ɗin kamfanin ke sauka, da TXT da ke taimakawa kar saƙonsu ya faɗa cikin sipam. Sit in ya faɗi nan take ake kira, imel kuwa shiru zai yi, sai bayan kwanaki mutumin ya zo ransa a ɓace wai an turo masa faktir bai gani ba. Ka buga `dig example.com MX +short` yanzu ka rubuta amsar a takarda, bayan canji ka sake bugawa su zama iri ɗaya.

Wani abu kuma, na san za ka so ka gwada sabon wurin ta hanyar rubuta 203.0.113.25 cikin nabigatar, ba lalle ka ga sit ɗinmu ba, ƙila shafin kamfanin ebarjama zai fito ko gargaɗin satifiket. Dalili, lamba guda sit da yawa ke zaune a kanta, nabigatar ne ke faɗa wa mashin sunan da yake so, in babu suna mashin bai san wanne zai ba ka ba. Yadda ake gwaji shi ne ka buɗe fayil ɗin hosts na ordinatarka, a Windows yana `C:\Windows\System32\drivers\etc\hosts`, a Linux `/etc/hosts`, ka ƙara layi guda:

```
203.0.113.25 example.com www.example.com
```

Ordinatarka kaɗai za ta tafi sabon wurin ba tare da ta tambayi kowa ba. Ka duba hotuna da fom ɗin oda duk suna aiki, sannan don Allah ka goge layin, in ka bar shi wata rana sit zai daina buɗe wa duniya kai kana ganinsa garau kana musu da kiliyan.

Saƙon da Chrome ke nunawa ma ka riƙa karanta shi kafin ka kira ni. `DNS_PROBE_FINISHED_NXDOMAIN` yana nufin an tambaya an ce babu wanga suna, to duba rubutun sunan, duba ko kuɗin haya ya ƙare, duba nemsaba. `ERR_CONNECTION_TIMED_OUT` kuwa lambar ta samu, mashin ɗin ne bai amsa ba, ko dai ya faɗi ko lambar da aka rubuta ba tasa ba ce.

In ka gama canza A ɗin ka buga `ipconfig /flushdns` a Windows don ordinatarka ta zubar da nata ajiyar, amma ka sani wannan ba ya taɓa ajiyar rizolbar kamfanin konegisiyon, ita sai awa 4 ɗinta sun cika. Ka turo mini hoton layukan tsohuwar nemsabar duka in gani kafin ka shiga wajen mai rajista, kalmar sirrin asusun tana wajena, gobe bayan azahar sai mu yi tare.