Hoton da na tura zai iya nuna gidana?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da atamfa da leshi daga gida a Kano, kuma ina tura wa masu saye hotuna a WhatsApp ta Document don kada kalar kaya ta dushe. Ƙanena ya ce wai ana iya gano gidana daga hoton. Gaskiya ne? Idan haka ne, yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Ƙanenki yana da gaskiya, matuƙar kin bai wa kyamarar wayarki izinin sanin inda kike. Duk hoton da waya ta ɗauka, tana rubuta wasu bayanai a cikin fayil ɗin waɗanda ido ba ya gani, ana kiran su EXIF: rana da lokaci, samfurin wayar, sai lambobin GPS na wurin da aka tsaya. Lambobin biyu ne, na Kano sukan fara da wajen 12.0 da 8.5. Idan aka kwafe su cikakku aka saka a Google Maps, za su nuna wurin da kuskuren mita kaɗan. Wannan ya isa a gane layinku, wani lokaci har gidan. Haka ta faru da John McAfee a shekarar 2012: yana ɓoye, mujallar Vice ta wallafa hotonsa da lambobin a ciki, aka gano yana Guatemala.

Matsalar tana wajen Document ɗin nan. Idan kin tura hoto ta hanyar da aka saba, WhatsApp yakan matse shi, ya zubar da waɗannan bayanai. Amma Document yana kai fayil ɗin ne yadda yake, ba ragi, shi ya sa kalar take fita da kyau, shi ya sa kuma lambobin suke tafiya tare. Imel da Xender da Bluetooth duk haka suke.

Ki fara dubawa kafin hankalinki ya tashi. Ki buɗe ɗaya daga cikin hotunan a Google Photos ko Gallery, ki ja shi sama ko ki shiga Details. Idan kin ga taswira ko sunan unguwa, to akwai. Idan samfurin waya da lokaci kawai kika gani, gidanki bai fita ba.

Maganin farko shi ne a toshe daga tushe. A Android ki shiga Settings na kyamara ki kashe Location, a Samsung sunansa Location tags. A iPhone ki bi Settings, Privacy & Security, Location Services, Camera, ki zaɓi Never. Sai dai wannan na sababbin hotuna ne, tsofaffin suna nan da lambobinsu.

Su tsofaffin, mai iPhone ta huta: ta danna Share, ta shiga Options a sama, ta kashe Location kafin ta tura. A Android kuwa kada ki dogara da Google Photos, domin ba ya goge wurin da kyamara ta rubuta da kanta. Hanya mai sauƙi ita ce screenshot, tunda sabon fayil ne da bai gaji lambobin ba, amma yana rage kaifin hoto, zanen leshi zai ɗan dusashe. A ganina, kayan da suke hannunki har yanzu, ki sake ɗaukar su kawai bayan kin kashe Location.

Idan akwai kwamfuta mai Windows a gida, ki danna hoton da maɓallin dama, ki shiga Properties, sai Details, sai Remove Properties and Personal Information, ki zaɓi a yi sabon kwafi. A nan mutane suke yawan kuskure, su tura na asali su bar kwafin. Idan hotunan suna da yawa, ƙanenki ya sauke manhajar ExifTool, kyauta ce, ya buɗe Command Prompt a folda ɗin hotunan ya rubuta:

```
exiftool -all= *.jpg
```

Zai bar tsohon kowane hoto da suna irin atamfa.jpg_original, wannan ba na turawa ba ne. Wani lokaci hoton yakan fito a kwance, saboda bayanin da ke nuna tsayuwarsa ya tafi tare da sauran, sai a juya shi a adana. Ko wace hanya kika bi, ki tura wa kanki ta Document, ki buɗe Details ki tabbatar taswirar ta ɓace.

Waɗanda kika riga kika tura, babu yadda za a goge su daga wayar mai saye idan ya adana. Sannan duk wannan gogewa ba ta taɓa abin da ke cikin hoton kansa. Lambar motar Alhaji a bayan kaya, bajen makarantar yara a jikin rigar da aka shanya, ko risit mai adireshi a kan tebur, waɗannan sai kin yanke su. Ki shimfiɗa kayan a kan farin ƙyalle, ki matso da kyamara har su cika hoton.