Tsarin shirin masu rini kafin ɗaukar hira

"Ina haɗa shiri kan marinar Ƙofar Mata, ban ɗauki hira ba tukuna. Ya zan tsara rubutun?"

Ɗan'uwa, kada ka rubuta wa dattijon da za ka yi hira da shi amsa. Bar gurbi, ka rubuta aikin da zai yi: "Marini ya nuna yadda ake haɗa baba da toka da kanwa, daƙiƙa 40." Haka kowane gurbi.

Tambayar ce ke cika gurbin. In ka ce "Aikin da wahala?" zai ce "Sai godiya," ka tashi a tutar babu. Ce masa, "Baba, ranar da ka fara tsoma ƙyalle, wa ke gefenka?" Nan labari zai ɓalle. Roƙe shi ya riƙa cika zance, tunda za a cire muryarka.

Sharhin mai gabatarwa kuwa, jira sai ka saurari hirar.